Ɗan riƙo da takardar bayyana kadarori: yadda ake bin ƙa'ida guda a cikin kundin doka

Assalamu alaikum. Shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Yau ƙa'ida ɗaya tak zan ɗauko daga kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, mu bi ta tare har mu ga inda ta tsaya. Ga mas'alar. Mu ƙaddara malami ne a kwalejin ilimi ta jiha, ya kama aiki a watan Maris na 2021. Wansa ya rasu, ya ɗauko ɗan marigayin yana riƙo, yaron yana da shekara 15, kuma ya gaji fili daga mahaifinsa. Shin wajibi ne malamin nan ya cike takardar bayyana kadarori? Idan wajibi ne, yaushe? Kuma filin yaron zai shiga ciki?

Ƙa'idar tana sakin layi na 11, kashi na ɗaya na jadawali na biyar. Da Turanci aka rubuta kundin, ma'anarta zan ba ku. Kowane jami'in gwamnati zai miƙa wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata bayani a rubuce na dukiyarsa da kadarorinsa da basussukan da ake binsa, haɗe da na 'ya'yansa da ba su yi aure ba kuma ba su kai shekara 18 ba. Zai yi hakan cikin wata uku da fara aikin dokar, ko da zarar ya kama aiki, daga nan kuma duk bayan shekara huɗu, sannan idan ya gama wa'adinsa.

Ku lura da inda muka same ta: a jadawali, can ƙarshen littafi, wurin da ɗalibai da yawa suke ɗauka rataye ne kawai. To abin da ya ba jadawalin nan ƙarfi yana cikin jikin kundin. Sashe na 172 ya ce wanda ke aikin gwamnatin tarayya dole ya bi ƙa'idojin ɗa'ar aiki, sashe na 209 ya faɗi haka a kan ma'aikacin jiha, sashe na 318 kuma ya ce ƙa'idojin da ake nufi su ne na jadawali na biyar. Duk jadawalin da ka buɗe, fara neman sashen da ya kira shi, domin shi zai gaya maka a kan wa yake aiki. Malaminmu na jiha ne, saboda haka ta sashe na 209 ya shigo.

Sai mu tambaya, wane ne jami'in gwamnati? A bakin mutane, idan aka ce haka, gwamna ko kwamishina ake hangowa, mai jiniya da 'yan rakiya. Malamin da ke zuwa aji a kan babur ba ya kawo kansa a ciki. Amma doka ba ta bar mu mu yi hasashe ba. Kundin yana da babban sashen fassarar kalmomi, wato na 318, sannan jadawali na biyar yana da nasa na kansa a sakin layi na 19. A nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe: su duba na 318, su rufe littafi, ba su san akwai wani a gaba ba. Sakin layi na 19 ya ce jami'in gwamnati na nufin wanda ke riƙe da ɗaya daga cikin muƙaman da aka jera a kashi na biyu na jadawalin. Sai ka juya shafi. Muƙamai ne rukuni 16, daga shugaban ƙasa aka fara. Na 13 ya ƙunshi shugabanni da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Na 15 ya ce dukkan ma'aikatan jami'o'i da kwalejoji da cibiyoyin da gwamnatin tarayya ko ta jiha ko ƙaramar hukuma ta mallaka kuma take ɗaukar nauyinsu. Dukkansu aka ce, ba a ware shugaban kwaleji ba. Malaminmu ya shiga.

Yanzu maganar yaron, kuma nan nake so ku ba ni hankalinku sosai. Wanda ya karanta sakin layi na 11 shi kaɗai zai ce ai 'ya'yansa aka ce, wannan kuwa ɗan wansa ne, ba shi ya haife shi ba. A shari'ar Musulunci ma riƙo ba ya sauya nasaba, don haka tunanin yana da inda ya samo asali. Sai dai sakin layi na 19 ya fassara kalmar ɗa, ya ce ta haɗa da agola, da wanda aka ɗauka a matsayin ɗa ta hanyar doka, da wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba, da duk yaron da mutum ya tsaya masa a matsayin uba ko uwa. Yaron da kake ci da shi, kake biya masa kuɗin makaranta, kai ake kira idan ba shi da lafiya, ka tsaya masa a matsayin uba. Bai yi aure ba, bai kai 18 ba, to filinsa zai shiga takardar. Wannan fassara ba ta taɓa nasabarsa ko gadonsa ba, iyakarta wannan jadawali.

Ku kuma kula da bambancin lafazi biyu da muka ci karo da su. A kan jami'i an ce "na nufin", wannan ya rufe ƙofa, wanda ba ya cikin jerin ba ya ciki. A kan ɗa an ce "ya haɗa da", wato ma'anar da kowa ya sani tana nan, aka ƙara mata wasu. Shi ya sa ba a ambaci ɗan cikinka ba a jerin, alhali shi ne na farko.

Saura lokaci. An ce cikin wata uku da fara aikin dokar, to daga wace rana za a ƙirga? Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar da kundin ne da dokar soja mai lamba 24 a ranar 5 ga Mayu, 1999. Amma sashe na 320 ya ce zai fara aiki ranar 29 ga Mayu, 1999. Wanda ya ƙirga daga ranar farko zai tsaya a farkon Agusta, wanda ya karanta sashe na 320 zai kai ƙarshen Agusta, kuma shi ne daidai. Ranar sa hannu daban, ranar fara aiki daban. Sai idan dokar majalisa ta yi shiru a kan ranar fara aikinta ne Dokar Fassara take cewa a ɗauki ranar da shugaban ƙasa ya sa hannu.

To wata ukun nan na waɗanda kundin ya tarar a bakin aiki ne a 1999, ya wuce tuntuni. Na sha jin sabon ma'aikaci yana cewa ai kundin ya ba shi wata uku, ba a nan ya faɗi haka ba. Wanda ya kama aiki daga baya, lafazin da ya shafe shi shi ne da zarar ya kama aiki. Malaminmu zai cike ta farko a Maris na 2021, da filin yaron a ciki. Ta biyu za ta zo bayan shekara huɗu, a 2025, lokacin yaron yana da shekara 19, ya fita daga ƙa'idar, ba sai an sa filinsa ba.

Wata ɗaliba ta miƙo tambaya a takarda, tana cewa idan ya bar filin bai rubuta ba fa? Sakin layi na 11 ya ce bayanin da aka bincika aka tarar ƙarya ne, saɓa wa ƙa'idojin ne. Hukuncin yana sakin layi na 18: Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana iya raba mutum da muƙaminsa, ta hana shi riƙe muƙamin gwamnati har zuwa shekara goma, ko ta ƙwace dukiyar da ya samu ta hanyar cin amanar ofis. Filin maraya da ya zo ta gado ba ya cikin irin wannan dukiya, amma barinsa a waje yana iya jawo wa malamin tuhuma a kan bayanin da ya bayar.

A nan zan dakata, lokacin sallah ya gabato. Sauran tambayoyin sai mun dawo. Wassalamu alaikum.