Takardar neman ragi wajen dila: laccar da aka gabatar wa 'yan kasuwa a Kaduna

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana 'yan kasuwa, na Kasuwar Barci da na Kasuwar Gumi, yau maganarmu a kan takardar da za ka rubuta wa dila ce idan za ka yi babban sari kana son ragi.

Yawancinmu abin da muke rubutawa shi ne, "Alhaji a duba mana, a yi mana sauƙi." Wannan roƙo ne, kuma dila ba ya lissafi da roƙo. Abin da yake son gani shi ne kaya nawa za ka ɗauka, nawa ka taya, kuma yaushe kuɗinsa za su shigo.

A ce taliya za ka saro daga Kasuwar Singa a Kano, katan 400, dila ya yi maka kuɗi naira 18,000 kowane katan. Bayan gaisuwa sai ka rubuta:

"Alhaji, ina son katan 400 na taliyar da na saba ɗauka. Na taya 17,300 kowane katan, jimla naira 6,920,000. Idan ka sallama, zan tura rabi gobe a matsayin kafin alƙalami, ragowar kuma ranar lodi kafin mota ta tashi. Ni zan kawo mota. Ina jiran amsarka zuwa Alhamis."

Kun ga ragin naira 700 ne kawai a katan, amma a katan 400 ya zama 280,000. Kuma ba kyauta ka nema ba. Ka ba shi kuɗi a hannu, babu bashi, ka ɗauke masa wahalar mota, ka kwashe masa kaya a rana ɗaya. Kayan masarufi ribar dila a kansu ba ta da kauri, saurin juyawar kuɗi yake ci, shi ya sa biya nan take ya fi daɗin baki tasiri a wajensa. Don haka in ka taya 15,000, ba ma zai amsa ba.

Don Allah kada ka ƙirƙiro cewa wani ya yi maka ƙasa da haka. Dilolin sun san juna, waya ɗaya za ta tona ka.

Sai inda ake cutuwa. Wani zai sallama, sannan ya mayar da kuɗinsa ta bayan gida: ya ɗora maka kuɗin 'yan dako, ko ya haɗa maka da kayan da suka kusa lalacewa. Saboda haka a cikin takardar ka rubuta sunan kamfanin taliyar, leda nawa ke cikin katan, wata nawa kake so ya rage kafin wa'adinta ya ƙare, da wanda zai biya lodi. Ka kuma nemi ya faɗi kwana nawa farashin zai tsaya, tunda kaya kan tashi kafin ka gama haɗa kuɗi.

In ya ce albarka, kada ka yi fushi. Ka sake rubuta masa ka ce ka yarda da 18,000 ɗin, amma ya ɗauki kuɗin mota daga Kano zuwa Kaduna. Dila da yawa sun fi yarda da wannan, domin farashinsu na katan bai karye ba balle sauran masu sari su ji su nemi irinsa.