Amsoshin Tambayoyinku: An Hana Ni Shiga Saboda Keken Guragu

"Na je wani zauren taro da tikitina a hannu, mai gadi ya dubi keken guragun da nake kai ya ce wuri ya cika, alhali ina kallo yana barin waɗanda suka zo bayana suna shiga. Wace hujja zan riƙe, kuma ina zan kai ƙara?" Wannan ce tambayar da wata mai sauraronmu ta aiko.

To Malama, sannu da haƙuri. Hujjarki mafi ƙarfi ita ce mutanen nan da suka wuce ki, domin da wuya wanda ya nuna wariya ya amsa da bakinsa, saboda haka mai bincike yakan gwada yadda aka yi miki da yadda aka yi wa wasu a ƙofa ɗaya, a lokaci ɗaya. Ki zauna yau ɗin nan ki rubuta rana da ƙarfe nawa ne, da kalaman mai gadin yadda ya furta su ba ƙari, da yawan waɗanda suka shiga bayanki. Ki adana tikitin, sannan ki nemi ko da mutum ɗaya da ya gani da idonsa ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu, kuma wanda ba ɗan'uwanki ba ya fi nauyi a ma'auni.

Abin da ya fi gaggawa shi ne kyamarar tsaro, domin na'urorin da yawa sukan goge tsohon hoto da kansu cikin 'yan makonni. Ki rubuta wa shugabannin wurin takardar ƙorafi, ki nemi su adana hoton wannan lokacin, su kuma ba ki dalilinsu a rubuce, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan mai gadi ya ce wuri ya cika, manaja kuma ya rubuto cewa ba su da hanyar keke, wannan tufka da warwara ta zama hujja a hannunki.

Idan sun yi kunnen uwar shegu, sai ki nufi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasarki, ko hukumar kula da masu buƙata ta musamman inda ake da ita. Idan zauren na gwamnati ne, akwai hukumar sauraron koke-koken jama'a. Galibinsu ba sa karɓar kuɗi, sukan kuma fara da sulhu, amma a ƙasashe da dama shawara kawai suke bayarwa, kotu ce ke tilasta biyan diyya. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke kula da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu ta 2006 kuwa ba ya sauraron mutum sai ƙasarsa ta amince da ƙarin yarjejeniyar kai koke, kuma sai ya ƙure hanyoyin cikin gida.

Ki tambayi wa'adin shigar da ƙara tun ranar farko, domin a wasu ƙasashe wata shida ne, a wasu shekara guda, kuma yawanci jiran amsar manaja ba ya tsayar da lissafin kwanakin.