Hatimi uku da sunan da bai karantuwa: aikin yau daga Manchesta

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Nan Manchesta ruwa ake yi tun asuba, don haka yau a ɗaki za mu yini. Bari in karkato kyamara kan tebur. Wannan takardar shaidar aure ce daga wani masallaci a gida, rabi Hausa rabi Larabci, an cike ta da biro. Na rufe sunaye da hotuna, kun san amana. Mai ita zai nema wa iyalinsa bizar zama, kuma Ofishin Cikin Gida na Birtaniya ba ya karɓar takardar da ba Turanci ko Welshanci ba sai da cikakkiyar fassara, wadda mai fassara ya tabbatar da ingancinta, ya sa kwanan wata, cikakken sunansa, sa hannunsa da yadda za a same shi.

Kalmar "cikakkiya" ita ce aikinmu yau. Ango, amarya, sadaki, shaidu, duk wannan minti goma ne. Abin da ke cin lokaci shi ne wanda ba jimla ba ne.

Ku dubi ƙasa ta dama. Hatimin roba ne. Ba zan zana shi a fassara ba, ba zan yanko hotonsa in manna ba, don kada takardata ta zama kamar jabun ta asali. Kwatanta shi zan yi a cikin baka biyu masu kusurwa, alamar cewa muryata ce, ba ta takarda ba. Da Turanci zan rubuta, amma ma'anarsa ke nan: [Hatimi mai da'ira, shuɗiyar tawada, ƙasa ta dama. A gefe: sunan masallaci da gari. A tsakiya: jinjirin wata da tauraro. Ya hau kan sa hannun liman.] Wannan hawan yana da muhimmanci, shi ke nuna hatimin da sa hannun tare suke tafiya.

Na biyu hatimin kwanan wata ne, mai kusurwa huɗu, Maris 2011. Ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Na ukun kuwa saura kaɗan ya wuce ni. A hoton da aka fara turo mini ta waya babu shi sam. Sai da ta asali ta zo hannuna na ji tudu a ƙarƙashin yatsa. Bari in kashe fitila in haska tocila daga gefe. Kun gani? Hatimin matsi ne, babu tawada, takardar aka danne ta kumbura. Shi zan rubuta: [Busasshen hatimi na matsi, sama ta hagu, rubutunsa ba ya karantuwa sai kalmar "kwamiti".]

Sa hannu ba a fassara shi, ba a kuma mai da shi suna. Ko da na ga kamar harafin M ne a farko, [sa hannu] kawai zan sa. Shaida na biyu bai sa hannu ba, dangwale ya yi, to [dangwalen yatsa, baƙar tawada]. Ban ce babban yatsa ba, don takardar ba ta faɗa ba.

Yanzu ga inda muka ɗan yi ja-in-ja da mai takardar. Sunan waliyyi ya faɗa daidai kan lanƙwasa, ruwa kuma ya taɓa shi. "Abdul" ya fito, ragowar ta zama dabbare. Mai takardar ya kira ni ya ce, "Malam, ai kawun matar ne, ni zan gaya maka sunan." Na ce, "Alhaji, na yarda da kai, amma ni abin da idona ya gani nake sa wa hannu." Abdullahi ne, Abdulƙadir ne, Abdulmumini ne? Idan jami'i ya ɗora fassarata kusa da ta asali ya ga cikakken suna inda babu shi, sauran layukan ma sun shiga zargi. Na rubuta: Abdul[ragowar sunan ba ta karantuwa]. In yana so sunan ya fito, masallacin ne zai ba shi wasiƙa ko sabon kwafi, ni kuma in fassara.

Sai shekarar Hijira, da lambobin Larabci. Biyu da uku haƙori ɗaya ne ya raba su, kuma malamin da ya cike takardar sauri yake yi. 1432 ce ko 1433? Maris 2011 a cikin 1432 ta faɗo, don haka hatimin can ya ba ni haske. Duk da haka ban share shakkar ba. Na sa 143[2], sannan a ƙasa: [Bayanin mai fassara: lambar ƙarshe ba ta fito sosai ba, tana iya zama 2 ko 3, hatimin kwanan wata na nuna Maris 2011.]

Saura bayan takardar, don wani lokaci can ake buga hatimin kotu. Bari in juya. A'a, fari fat. Shi ma sai an faɗa: [bayan shafi babu komai]. To, bari in ɗora ruwan shayi kafin in buga.