Ribar ƙwai ɗaya: lissafin kiret bayan an cire fasassu

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu shaguna da masu tebur, a zaman yau zan tsaya ne a kan kiret ɗaya na ƙwai, domin na lura da yawa daga cikinmu muna raba kuɗin sari gida 30, mu ɗauka mun san uwar kuɗin kowane ƙwai, alhali ba dukkan talatin ɗin ne ke isa hannun mai saye ba.

Mu ɗauki misali, kowa ya musanya alƙaluman da farashin garinsa. An saro kiret a kan naira 5,100, wato kowane ƙwai ya kama 170, ana kuma sayar da shi ɗai-ɗai a kan 200. Mai shago zai ce ribarsa 30 ce a kowane ƙwai, 900 ke nan a kiret. To amma kiret ɗin bai kawo kansa shago ba. Idan rabonsa na kuɗin adaidaita sahu da dako ya kai 150, leda kuma ta ci 50, to abin da aka kashe a kansa ya zama 5,300. Ko da babu ko ɗaya da ya fashe, cinikin 6,000 ne, ribar kuma 700, wajen naira 23 a kowane ƙwai.

Yanzu a ce biyu sun fashe a hanya. Sauran 28 za su kawo 5,600, riba ta dawo 300. A nan ne nake so ku natsu. Ƙwan da ya fashe ba ribarsa ta naira 23 kawai ya tafi da ita ba, ya tafi ne da dukkan naira 200 ɗin da zai kawo, kuma 'yan uwansa da suka tsira su ne za su biya masa. Saboda haka ana raba 5,300 ne gida 28, sai uwar kuɗin kowane ƙwai ta hau zuwa wajen 189, ribarsa ta sauko kusan naira 11. Ƙwai biyu cikin talatin sun cinye fiye da rabin riba. Idan uku suka fashe, 100 ce ta rage a kiret gaba ɗaya, idan kuwa huɗu ne, an faɗi da 100. A wannan farashi dole ne a sayar da 27 lafiyayyu kafin a ce an fita.

Wannan adadi na 189 shi ne ya kamata ya zauna a kan mai shago lokacin da mai saye ke neman ragi. Sau da yawa za ku ji an ce a bar masa uku a kan 550, mai shago kuma ya sallama saboda yana tuna 170. Uku a 550 na nufin kowanne ya tashi a wajen 183, ƙasa da uwar kuɗinsa ta gaskiya, ga ciniki yana tafiya, ga jari yana zurarewa. Ƙarin farashi ma ba shi da sauƙi, domin ƙarancin canji ya sa da wuya a sayar a 210, daga 200 sai dai a tsallaka 250, kuma maƙwabcinka bai tsallaka ba.

Sai dai ba kowane fasasshe ne asara baki ɗaya ba. Wanda ya tsage kawai, bai tsiyaye ba, mai shayi zai iya karɓarsa a ranar ya soya, a ce a kan 120. Biyun nan sun dawo da 240, ribar kiret ta koma 540. Sharaɗin shi ne a ranar, domin tsagaggen ƙwai ba ya jure kwana cikin zafi.

Tun a wurin sari ake rage wannan asara. A ɗaga kowane kiret a duba ƙasansa, domin jiƙa ko tabon gwaiduwa a jikin kwali alama ce ta fashewa, haka ma taruwar ƙuda. Tsaga mai siririn layi ba ta ganuwa sai an haska ƙwan da tocila. A jera shi tsininsa yana kallon ƙasa, a ɗaure kiret-kiret ɗin kada su yi ta girgiza. Ku sani kuma ɓawo yana yin laushi a watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, kuma manyan ƙwai na tsofaffin kaji, waɗanda masu saye suka fi so, sun fi saurin fashewa.

Kiret ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, domin wani zai zo lafiya lau, wani ya zo da huɗu a fashe. A rubuta na kiret goma a jere a littafi. Idan ƙwai 15 suka salwanta cikin 300, to 285 ne za su ɗauki nauyin naira 53,000, kowanne ya kama wajen 186, kuma da wannan adadin za a yanka farashin sarin da ke tafe.