Lacca: Idan Littafi da Banki Suka Saɓa, Ina Kuɗin Ya Maƙale?

To, jama'a, abu uku za mu duba yau. Na baya, kuna jina? Madalla.

Ga misali a allo. Ƙarshen wata littafin kuɗinka ya ce ragowar kuɗi 48,650, takardar banki ta ce 51,380. Bambanci 2,730. Kada ka fara farautar 2,730 ɗin nan, ba za ka same shi ba, don ba abu ɗaya ba ne, tarin abubuwa ne suka haɗu.

Na farko, bi layi-layi, duk abin da ya fito a littafi kuma ya fito a takardar banki ka sa masa alama. Marasa alama su ne aikinka. Ga cak na 3,500 da ka rubuta, mai shi bai kai banki ba tukuna. Cire shi daga ɓangaren banki, ya rage 47,880. Ga kuma cajin banki 500 da ba ka shigar ba. Wannan a littafi za ka cire, ya rage 48,150. Saura nawa? 270.

Yauwa! Nan nake so mu zauna. Raba 270 da tara. Talatin cif, babu saura. Duk sanda ka ga haka, fara zargin an juya lambobi biyu. Dalili kuwa, ɗauki 85 da 58, tsakaninsu 27, wato tara sau uku. Ɗauki 72 da 27, tsakaninsu 45, tara sau biyar. Kullum tara ce sau tazarar lambobin biyu. Saboda haka talatin ɗin nan magana take yi. Ukun na cewa tazarar lambobin uku ce, sifirin na cewa a gidan goma da gidan ɗari aka yi musayar. Kun ga ba sai ka sake tara littafin duka ba. Kai mai hamma, wannan ne zai hana ka kwana ofis! Sai ka duba, ga biyan 5,850 a banki, a littafi an rubuta 5,580. Gyara shi, littafi ya koma 47,880. Sun haɗu.

Haka ma in aka yar da sifiri, 540 ya zama 54, bambancin 486, shi ma tara na raba shi. Amma fa zargi ne kawai, don ko ba kuskuren juyi, a cikin lambobi tara a jere dole tara ta raba ɗaya.

Na nawa muke? Bari dai, ga hannu can.

Malama tana tambaya, in tara ba ta raba ba fa? To, Malama, raba biyu. In saura 640 ne, nemi 320 da aka sa a shiga alhali fita ne, shi ya sa ya ninka. In wannan ma bai fito ba, koma ki duba ragowar da aka buɗe watan da ita, da cak ɗin watan jiya da sai yanzu suka fita.