Wasiƙar neman ƙarin lokaci: yadda ake fitar da sabuwar rana

[Hoto: shagon ɗinki a Aboabo, Kumasi. Kekuna uku suna aiki, tarin yunifom a kan tebur.]

Assalamu alaikum jama'a. Tun makon jiya ake ta musu a zango kan tambaya ɗaya: idan aiki ya ƙi ƙarewa, na rubuta wa mai aiki cewa zan makara, ai na fita haƙƙinsa ko? Da sauran magana. Yawancin wasiƙun da na gani sun iya gaisuwa, sun iya ban haƙuri, amma da an zo wurin saka sabuwar rana sai a ga "nan ba da jimawa ba, in sha Allahu". To, a kan wannan layin za mu zauna yau.

Mu ɗauki misalin wani tela, yaransa suna ce masa Masta. Ya karɓi kwangilar yunifom 300 daga wata makarantar kuɗi, ya karɓi kafin alƙalami, an sa hannu cewa zai kai kaya ranar Juma'a 29 ga Agusta. Yau Litinin 18 ga wata. Ya ɗinka 180, saura 120, yadi kuma ya ƙare. Launin da makarantar ke amfani da shi an zagaye kasuwar Kejetia ba a samu ba, dilansa na Accra ya ce sai ranar 25 zai iso.

[Hoto: hannu yana rubutu a farar takarda.]

Saman wasiƙa ba wuya, mu wuce da sauri. Kwanan wata, sunan mai aiki, sai kan magana da ya ambaci wace kwangila ce da ranar da aka sa mata hannu. A nan Ghana da Turanci ake rubuta yawancinsu, amma tsarin ɗaya ne, ni da Hausa zan karanto. Dalili kuma a faɗe shi a jimla biyu: yadi ya yanke, zai iso ranar kaza. Kada ka jero dumso, wato ɗaukewar wuta, da ruwan sama da rashin lafiyar surukarka duk a wuri ɗaya. Dalili ɗaya mai shaida ya fi shiga kunne, in sun kai biyar sai mai karatu ya fara murmushi. Abu ɗaya dai, aika ta tun ranar da ka gane aikin ba zai kai ba. Ta ranar 18 roƙo ce. In ka bari sai 30 ga wata, ka riga ka saɓa alƙawari, lallashi ya rage.

[Hoto: kalanda, ana zana da'ira da jan biro.]

Yanzu ga wurin da ake zamewa. Da na tambayi Masta yaushe zai gama, bai ko ɗaga kai daga keke ba ya ce: mako ɗaya ya isa. Na ce da wane lissafi? Ya ce a rana suna fitar da 15. Gaskiya ne, akwai ranar da suka fitar da 15: ranar da wuta ba ta ɗauke ba, babu yaron da ya tafi suna, babu keken da ya tsinke zare. Sai muka buɗe littafinsa. A kwanakin aiki 12 da suka wuce, 120 suka ɗinka. Goma ke nan a rana. Da goman nan za ka yi lissafi, domin ita ce ta riga ta haɗiye dumso da rabin ranar Juma'a.

Saura 120, a goma kullum, kwana 12 ke nan. Amma daga yaushe za a fara ƙirga? Nan ma ana yin kuskure, sai mutum ya ƙirga daga ranar da ya rubuta wasiƙa alhali yadi bai zo ba. Yadi zai sauka Litinin 25. Talata 26 ta tafi a yanka. Ɗinki ya fara Laraba 27. Ku bi jan biron nan: Laraba zuwa Asabar kwana huɗu, Lahadi babu aiki, 1 zuwa 6 ga Satumba sun zama goma, Litinin da Talata sun cika 12. Mun tsaya a 9 ga Satumba.

An gama? Tela ya san ba a gama ba. Akwai maɓalli, akwai bajon makaranta, akwai guga da ɗaurewa aji-aji. Kwana biyu, mun kai 11. Sai a ƙara kwana biyu na ko-ta-kwana, don dilan da ya ce Litinin yana iya nufin Laraba. Mun kai Asabar 13, Lahadi kuma babu aiki, saboda haka ranar da za ta shiga wasiƙa ita ce Litinin 15 ga Satumba.

Masta ya dafe kai, ya ce Hajiya mai makaranta ba za ta yarda da wannan nisan ba, a sa 5 ga wata ko ranta ya yi sanyi. Ni kuwa ra'ayina, gara ta ɓata rai yau da ta ɓata sau biyu. Wasiƙar farko ana karanta ta da uzuri. Ta biyu idan ta zo, an fara tambayar lambar wani telan.

[Hoto: ana ɗaure yunifom dami-dami, ana rubuta aji a jikin kowane.]

Abin da ke sa rana mai nisa ta haɗiyu shi ne a raba kayan. Ga yadda ya rubuta:

"Hajiya, guda 180 sun kammala, zan kawo su ranar Juma'a 29 ga Agusta kamar yadda muka yi. Sauran 120 ina roƙon a ɗaga mini zuwa Litinin 15 ga Satumba. Idan akwai ajin da kike so a fara da shi, a sanar da ni. Farashi yana nan yadda yake. Ina roƙon amsarki a rubuce kafin Alhamis 21 ga Agusta."

Ku lura da jimlar ƙarshe. Ranar da ka rubuta ba ta zama rana ba sai mai aiki ya amince. Shirunsa ba yarda ba ne, kuma "babu komai, Masta" da aka faɗa a waya ana manta ta ranar biyan ciko. Duba takardar kwangilarka: idan akwai tarar jinkiri, ƙara layi ɗaya kana roƙon kada ta hau kan waɗannan kwanakin, don ana iya ɗaga maka rana a kuma yanke maka kuɗi. Idan takardar ta faɗi hanyar da za a bi a sanar, bi ta nan. In ba ta faɗa ba, kai wasiƙar da hannu a sa maka hannu a kwafi, ka kuma tura hotonta ta WhatsApp. Dokar Ghana mai lamba 772 ta 2008 ta san da saƙon na'ura a matsayin rubutu, saboda haka kada ka goge amsar.

[Hoto: waya a hannun Masta, saƙo ya shigo.]

Hajiya ta amsa ranar Laraba. Ta yarda da 15 ga wata, ta ce a fara da na sababbin ɗalibai, tun da tsofaffi suna da na bara. Ta kuma ƙara da cewa idan 16 ta yi ba ta ga kaya ba, da kanta za ta zo shagon ta zauna. Masta ya ce a share mata benci.