Dutsen ƙuri'a na Atina: wa ke da ramin saka sunansa, wa aka bari a waje

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau muna Atina, babban birnin Girka, a cikin gidan tarihin da ke tsohuwar kasuwar Agora. Bari in matso da kyamara ku ga wannan fasasshen dutse. Kun ga ƙananan ramuka a jere, layi bisa layi, kamar an tsaga su da wuƙa? Sunansa kileroteriyon, na'urar jefa ƙuri'a. A ganina, wanda ya fahimci dutsen nan ya fahimci rabin dimokuraɗiyyar Girkawan da. Ɗaya rabin kuma shi ne sanin mutanen da ba a taɓa saka sunansu a ciki ba.

Girka ta wancan zamani garuruwa ne ɗaruruwa, kowanne da mulkinsa, kowanne yana gwada nasa tsarin. A Sifata, idan za a zaɓi dattawan majalisa, jama'a ihu suke yi, wanda ihunsa ya fi ƙarfi ya ci. A Sirakus an taɓa rubuta sunan wanda ake so a kora daga gari a kan ganyen zaitun. Amma Atina ce ta bar mana rubutu da kayan aiki da yawa, don haka a nan za mu tsaya. Duk shekarun da zan ambata kafin haihuwar Annabi Isa ne, alaihis salam, shi ya sa za ku ji lambobin suna raguwa maimakon ƙaruwa.

Mutanen Atina ba su yarda da zaɓe sosai ba. A tunaninsu, zaɓe mai kuɗi da mai suna yake ɗorawa. Sai suka bar shi ga muƙamai kaɗan masu buƙatar ƙwarewa, irin su kwamandojin yaƙi goma, yawancin sauran kuma ƙuri'a ce ke rabawa. Kowace shekara ana ɗaukar mutum 6,000 masu shekara 30 zuwa sama, su rantse a matsayin masu yanke hukunci a kotu. Kowannensu yana da ɗan fallen tagulla, ga shi nan a cikin gilashi, tsawonsa kusan santimita 11, ɗauke da sunansa, da sunan unguwarsa, da harafi ɗaya daga cikin haruffa goma.

Ranar zaman kotu, da asuba mutum zai zo ƙofar ƙabilarsa ya jefa fallensa cikin akwati mai harafinsa. Daga nan a kwashe a soka su cikin ramukan dutse, kowane harafi da layinsa daga sama zuwa ƙasa. A gefen dutsen akwai bututu da aka zuba wa ƙananan ƙwallaye farare da baƙaƙe a gauraye. Sai a saki guda ɗaya. In fari ya fito, duk waɗanda ke jeri na farko a kwance sun shiga. In baƙi ne, sun koma gida. Haka za a bi jeri bayan jeri har adadi ya cika. Wanda ya shiga ma bai san kotun da zai zauna ba sai ya sake jan wata ƙuri'a, a miƙa masa sanda mai launin ƙofar kotun.

Duk wannan wahala saboda cin hanci ake sha. Mai ƙara ba shi da hanyar sanin wanda zai saurare shi sai a safiyar ranar, kuma masu sauraron 201 ne, ko 401, ko 501. Guda ɗayan da ke kai don kada ƙuri'u su yi kunnen doki ne. Lokacin magana kuma da ruwa ake auna shi. Ga tukunyar can mai huda a gindi, tana tsiyaye ruwanta cikin kamar minti shida. Ina jinjina wa wannan tsari ƙwarai, domin manomi da attajiri a gaban bututun nan daidai suke.

To yaya mutum yake samun fallen? A nan ƙofar take. A shekarar 508 wani ɗan siyasa mai suna Kilistenis ya raba ƙasar Atika, wato Atina da kewayenta, zuwa unguwanni da ƙauyuka 139, ya haɗa su cikin ƙabilu goma, kowace ƙabila ta ƙunshi mutanen birni, da na bakin teku, da na karkara, don ya karya ƙarfin manyan gidaje. Kowace unguwa ita ke riƙe da rajistarta. Yaro namiji in ya cika shekara 18, mazan unguwar su taru su rantse, su kaɗa ƙuri'a kan abu biyu: shekarunsa sun kai, kuma ɗa ne da aka haifa bisa doka. In suka ce bai kai ba, ya koma cikin yara ya jira. In suka ce ba ɗa ba ne, yana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotu, amma da kasada mai girma, domin in ya faɗi, gari zai sayar da shi a matsayin bawa. Babu takardar haihuwa, shaidar maƙwabta ce kawai, don haka gaba tsakanin gidaje tana iya raba mutum da ƙasarsa.

Mace ba ta shiga wannan rajista ko da kakanninta ne suka kafa garin. Ba ta halartar majalisa, ba ta zama a kotu, kuma duk rayuwarta tana ƙarƙashin waliyyi, uba ko miji ko ɗa. Doka ta hana ta ƙulla cinikin da ya wuce darajar awo ɗaya na sha'ir, wajen lita 52. In shari'a ta shafe ta, namiji ne ke magana a madadinta, kuma masu magana a kotu suna kauce wa ambaton sunan matar kirki, sai su ce 'yar wane, matar wane. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a shekarar 451 Ferikilis, babban jagoran siyasar Atina a lokacin, ya kawo dokar da ta ce ba ɗan ƙasa sai wanda uwarsa da ubansa duka 'yan Atina ne. Ke nan jinin uwa ne ke buɗe wa ɗa ƙofar da ita ba za ta taɓa shiga ba.

Ku lura da lokacin da dokar ta zo. A zamanin Ferikilis ne aka fara biyan masu zaman kotu, tsabar kuɗi obol biyu a rana, daga baya ya koma uku, wato rabin dirakma. Zama ɗan ƙasa ya zama abu mai riba, sai masu shi suka ƙara matse ƙofa. Dokar ta ci shi kansa Ferikilis, domin ɗan da ya haifa da Asfasiya, mutuniyar Militus, bai cancanta ba, sai da jama'a suka yi masa alfarma ta musamman bayan annoba ta kashe 'ya'yansa biyu na aure.

Yanzu mun fito, muna hawa tudun Finikis, inda majalisar jama'a take zama kamar sau 40 a shekara. Ku yi haƙuri da iska. Wancan dutse mai matakala shi ne mumbarin, duk ɗan ƙasa yana da ikon hawa ya yi magana, kuma wasu hukunce-hukunce ba sa tabbata sai mutum 6,000 sun halarta. Masana suna kiyasta cewa a ƙarni na huɗu maza 'yan ƙasa wajen 30,000 ne a cikin jama'ar da ta kai 250,000 ko fiye.

Masu tsaron oda a wannan fili bayi ne, maharba 'yan Sikitiya da gari ya saya. Bawa yana iya janye mai surutu daga mumbari, amma shi ba ya hawa. Shaidarsa a kotu ba ta karɓuwa sai an azabtar da shi. Kudu da nan, a Lauriyon, bayi ne ke haƙar azurfa a cikin ƙananan ramuka, kuma azurfar da aka samu a 483 ita ta gina jiragen yaƙin da suka karya Farisawa a Salamis. Talakawan da suka tuƙa jiragen nan sun ƙara samun murya a siyasa, masu haƙar azurfar kuwa suna nan a rami. Da Sifatawa suka kafa sansani a Dekeliya, cikin ƙasar Atika, a 413, bayi fiye da 20,000 suka gudu.

Saura baƙi mazauna gari, waɗanda ake kira metik. Namiji yana biyan harajin zama dirakma 12 a shekara, mace mai zaman kanta shida. Dole ya sami ɗan ƙasa ya tsaya masa, ba ya mallakar fili ko gida sai da izini na musamman, amma in yaƙi ya tashi yana fita. Ɗansa da jikansa duk baƙi ne, ko a nan aka binne cibiyarsu.

Mu ɗauki labarin Lisiyas. Mahaifinsa Kefalus mutumin Sirakus ne, Ferikilis da kansa ya gayyato shi, ya zauna a nan shekara 30. Gidansu yana da masana'antar garkuwa. A 404, bayan Atina ta sha kashi a hannun Sifata, mutum talatin suka ƙwace mulki, suka rasa kuɗi, sai suka zaɓi baƙi goma da za su kama, suka sa talakawa biyu a ciki don kada a ce dukiya suke nema. Daga gidan su Lisiyas suka kwashe garkuwa 700 da bayi 120, suka cire 'yan kunnen zinariya daga kunnen matar ɗan uwansa, shi kuma ɗan uwan, Folemakus, suka sa shi shan guba ba tare da shari'a ba. Lisiyas ya tsere zuwa Megara, daga can ya aika wa masu yaƙin dawo da dimokuraɗiyya kuɗi da garkuwoyi.

A 403 suka yi nasara. Jagoransu Tirasibulus ya kawo ƙudurin a ba duk waɗanda suka dawo tare da su zama 'yan ƙasa, har da bayin da ke cikinsu. Sai wani ɗan siyasa mai suna Arkinus ya kai ƙara cewa ƙudurin ya saɓa doka, domin bai bi ta majalisar mutum 500 mai tace ƙudurori ba kafin ya zo wannan fili. Kotu ta soke shi. Lisiyas ya ƙare rayuwarsa yana baƙo, sana'arsa rubuta wa 'yan ƙasa jawabin da za su haddace su faɗa a kotu, yana auna tsawonsa daidai da ruwan tukunyar da na nuna muku. Jawabinsa ɗaya da ya rage mana wanda shi ya faɗa a kotu da bakinsa shi ne ƙarar da ya shigar a kan Eratostenis, mutumin da ya kama ɗan uwansa a kan titi.